Tambarin da ya farfashe, sake zana shi ake yi

Tambaya: Malam, tambarin shagona yana fita tsaf a waya, amma da na kai aka buga mini babban allon talla sai ya fito gida-gida. Wace manhaja ce za ta ƙara masa girma? Daga mai shagon ɗinki, Kano.

Amsa: Hajiya, ki daina nemanta, domin ba girma tambarinki ya rasa ba. Wannan tambaya tana damuna ƙwarai, saboda mutane na kashe kuɗin bugu mai yawa a kan ɗan hoton da suka kwafo daga fuskar WhatsApp, sannan su ɗora laifi a kan mai bugawa.

Hoton da kika turo mini JPG ne mai fiksel 300 a faɗi, 300 a tsaye. Fiksel ɗigo ne mai kusurwa huɗu da launi guda, kuma adadinsu ba ya ƙaruwa don kin ja hoton. A bugun takarda mai kyau ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato tambarinki inci ɗaya kacal yake iya cikawa. Idan aka shimfiɗa shi ya kai mita ɗaya, kowane ɗigo zai haura milimita uku. Su ne gidajen da kike gani daga ƙofar shago.

Abin da manhajar ƙara girma ke yi shi ne ta dubi ɗigo biyu maƙwabta, ta ƙirƙiri wasu a tsakaninsu da launin tsaka-tsaki. Gidajen za su ɓace, amma gefen haruffa zai yi dishi-dishi, bakin almakashin da ke tambarin ya dakushe. Dattin da JPG ke bari kewaye da rubutu shi ma girma zai yi tare da sauran. Kuma ko ta mayar da shi fiksel 3,000, ranar da za ki buƙaci wanda ya fi haka kin koma gidan jiya.

Maganin shi ne a sake zana tambarin ya zama zanen bekta. Shi ba ɗigo yake ajiyewa ba, umarni yake ajiyewa: a ja layi daga nan zuwa can, a lanƙwasa shi haka, a cika cikinsa da shuɗi. Kamar awon riga ne a littafinki, da shi za ki yanka sabuwa a duk lokacin da kika so. Kwamfuta kan sake lissafa zanen a kowane girma, shi ya sa fayil ɗaya ke isa katin kasuwanci da jikin mota. Injin yanka sitika ma layin yake bi da wuƙarsa, ba ya gane ɗigo.

Tambarinki da'ira ce, da almakashi, da sunan shago, cikin launi biyu. Mai zane zai buɗe Inkscape, wadda kyauta ce, ko CorelDRAW da masu bugu suka saba da ita. Ya sa tsohon hoton a ƙasa ya kulle shi, ya zana da'irar da kayan zana da'ira, ya bi gefen almakashin da alƙalamin Bézier mai jan layi da lanƙwasa shi, yana sa ƙulli, wato maƙalar da ke riƙe layi, kawai inda layi ya canza hanya. Sunan kuwa ba a bin gefensa, salon rubutun ake nemowa a sake rubuta shi, sannan a mayar da shi zane, da Ctrl+Q a CorelDRAW ko Object to Path a Inkscape. In ba haka ba, kwamfutar da ba ta da wannan salo za ta sauya miki haruffa.

Ki karɓi zanen bektar a fayil ɗin SVG da na PDF, ki ajiye a imel ɗinki. Kafin ki biya, a zuƙo miki shi a allo sau talatin. Idan gefen yana nan da kaifi, aiki ya yi.

Tambaya: Ba zan iya danna Trace Bitmap in huta ba? Daga ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, son hutu ne zai ja maka aiki biyu. Trace Bitmap umarni ne a Inkscape mai mayar da hoto bekta da kansa. A ƙaramin hoto, gefen ɗigon zai bi, ya ba ka da'ira mai ɗaruruwan ƙulli alhali huɗu sun isa. Yana amfani ne a babban hoto mai tsabta, baƙi da fari.

Tambaya: Na ajiye PNG ɗina a matsayin PDF, ya zama bekta? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam. Hoton ɗigo ne a cikin sabon fayil. Zuƙo shi ka gani.

Tambaya: Mai zane ya turo mini tambari mai kyau, amma ya lalace a hanya. Daga Gombe.

Amsa: A matsayin hoto ya turo, WhatsApp ya matse shi. Ka ce ya sake turowa ta Document.