Intabiyu ta bidiyo da netwok mai yankewa

"Salamu alaikum jama'a. Ina da intabiyu ta Zoom ranar Talata da wani kamfani a Landan, za mu rubuta kod tare a CoderPad. A Agege nake, netwok ɗina yana yankewa, ga ɗauke wuta. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Kada ka wahalar da kanka neman intanet mai gudun tsiya, wanda ba ya tsinkewa shi kake buƙata. Bidiyo mai kyau tsakanin mutum biyu a Zoom wajen 1.2 Mbps yake ci, murya kaɗai ba ta kai 100 kbps ba, rubutu a edita kuwa kusan ba ya cin komai. Abin da ke sa muryarka ta riƙa kakkaryewa shi ne saƙonnin da ke ɓacewa a hanya, kuma lambar da gwajin gudun intanet ke nuna maka ba ta faɗin wannan.

Saboda haka gobe, daidai lokacin da za a yi intabiyun, ka zauna inda za ka zauna ranar, ka buga wannan a Windows:

```
ping -n 50 8.8.8.8
```

A Mac ko Linux ka sa `-c` a wurin `-n`. Duba ƙarshen sakamakon. In an aika 50, 47 suka dawo, ka yi asarar kashi 6 cikin ɗari, kuma abin da ya haura kashi 2 za a ji shi a muryarka. Duba `time` ma: wanda ya tsaya kusa da 80ms ya fi wanda ke tsalle daga 40 zuwa 600. Na nace a kan lokaci ne don netwok ɗin asuba daban, na yamma da kowa ya dawo gida daban.

Na taya wani ƙanina wannan gwaji a Idi-Araba. A cikin ɗaki, da hotsifot na waya, asara ta kai kashi 8. Muka haɗa wayar da laftop da igiyar caji, muka kunna USB tethering, muka ajiye ta bakin taga, asarar ta sauko ƙasa da kashi 2. Wayar tana samun caji kuma a haka. Ka kunna Metered connection don kada Windows ya kama sabunta kansa ana tsakiyar magana. Ka tanadi layi na biyu na wani kamfani a wata waya, da datarsa a ciki, kamar giga biyu, kuma ka haɗa laftop da shi tun kafin ranar. Laftop cike da caji. In za ka ta da janareta, ya yi nisa da kai, ka sa abin kunne mai igiya, ka fuskanci haske, kada taga ta kasance bayanka.

Da an gaisa, ka faɗa musu a taƙaice: daga Legas kake, in netwok ya yi rauni za ka kashe kyamara, in ka yanke za ka dawo cikin minti biyu, kuma za ka riƙa rubutu a edita. Ba abin kunya ba ne. Mai intabiyu ya fi son wannan a kan ya zauna yana kallon hotonka a daskare. Kada ka raba allonka sai an nema, tunda yana ganin rubutunka kai tsaye, rabawar ƙarin nauyi ce kawai.

Edita kuma na ku biyu ne, kamar faranti ɗaya: kowa ya ci gabansa. Tambayar da ya liƙa a sama ka bar ta yadda take, ka yi aikinka a ƙasa. In ka ga yana rubutu a wani layi, dakata ya gama. In za ka goge abu mai yawa, faɗa kafin ka goge. Kada ka tafi wani wuri ka rubuta sannan ka kwaso ka liƙa gaba ɗaya; CoderPad yana adana yadda aka yi rubutun, ana iya sake kallo, kuma layi talatin da suka bayyana lokaci guda suna jawo zargi. Ka riƙa faɗin abin da kake tunani, sannan ka sa matakanka a gajeren sharhi saman kod, don ko murya ta yanke ya ga inda ka dosa.

In ka yanke, ka daina rubutu nan take, domin abin da ka buga ba lallai ya isa gare shi ba. Koma layi na biyu, shiga, duba abin da ke edita, ka tambaye shi abu na ƙarshe da ya ji, ka ɗora daga nan. Haƙuri sau ɗaya ya isa.

Ka kuma duba agogo da kyau. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan da na Legas ɗaya ne, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya.