Kafin ka yi wa wayar mutum filashin

"Oga, wani ya kawo waya, ya ce ɗan'uwansa ya yi masa kutse, duk bidiyon da ya yi wa laik sai ya sani. In yi mata filashin?"

Ajiye kebul ɗin nan tukuna, yaro. Ko ka goge wayar tas, abin da ke damunsa yana nan, domin a asusunsa yake zaune.

An taɓa kawo mini irin wannan. Wani saurayi ne, ɗan gidan malamai, mai kunya ƙwarai. Taubashinsa, ɗan gwaggonsa, ya sa shi gaba da tsiya. Duk haɗuwa sai ya ce, "Malam, ya rawar jiya? Waccan mai jan mayafi ta burge ka ko?" Kuma daidai yake faɗa, har da jerin yadda ya kalle su. Yaron ya sauya lambar sirri, bai tsira ba, ya iso shago gumi na keto masa.

Na ce ya buɗe TikTok, mu fara da zargin kutsen. A Manage devices, cikin sashen tsaro, wayarsa kaɗai muka gani. To, babu wanda ya shiga. Sai na ɗauki tawa wayar, na nemo sunansa, na taɓa alamar zuciya da ke shafinsa, na miƙa masa. Ga bidiyoyin da ya yi wa laik nan reras, na baya-bayan nan a sama. Ya yi salati, ya ce, "Oga, kai ma?" Na ce ni da kowa.

Muka shiga Settings and privacy, muka bi Privacy zuwa Liked videos. Yana kan Everyone. Ashe wani abokinsa ne ya taɓa masa lokacin da suke neman mabiya. Muka mayar Only you, na sake dubawa daga wayata, wurin ya rufe. Kada ka taɓa sallamar mutum ba ka gwada da waya ta biyu ba, don a tasa zai ci gaba da ganin komai, ya ɗauka bai gyaru ba.

Amma ka gaya masa iyakar abin. Mai bidiyon zai ga wanda ya yi masa laik, kuma sharhin da ya rubuta yana nan a fili. In kuwa Facebook ne, wannan dabarar ba ta ci. Can laik yana bin rubutun da aka yi wa ne: in rubutun na ɗauke da alamar duniya, duk wanda ya buɗe shi zai iya ganin sunanka a jeri. Magani sai ya shiga Activity log ya cire su ɗaya bayan ɗaya.

Saurayin nan ya zauna a bencin can yana ta cirewa har aka kira la'asar. Je ka kira mai wayar, ka tambaye shi a wace manhaja abin ke faruwa.