Nonon da aka yi wa algus da ruwa ko gari: amsoshin likita

Tambaya: Likita, kindirmon da nake saye kwanan nan ya yi kauri fiye da yadda na saba, kuma yana maƙale mini a harshe. Maƙwabciyata ta ce gari ake zuba masa. Ta yaya zan gane? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, wannan yana da gwajin da za ki iya yi a kicin ɗinki, kuma cikin duk gwaje-gwajen gida shi na fi amincewa da shi. Ki nemi ruwan aidin, wanda ake sa wa ciwo, a kemis. Ki ɗebi nono kamar cokali biyu a ƙaramin kofin gilashi mai tsabta. Idan ɗanyar madara ce, ki tafasa ta tukuna don ƙwayoyin garin su fashe, sannan ki bari ta huce sarai. Kada ki yi gaggawa a nan, domin launin da muke nema ba ya fitowa a abu mai zafi. In ta huce ki ɗiga aidin ɗigo biyu ko uku ki juya. Idan akwai sitacin rogo, fulawa ko garin masara, nonon zai koma shuɗi, wani lokaci har ya yi kusa da baƙi. Idan babu, zai tsaya fari ko ya ɗan yi ruwan ɗorawa.

Nono da kansa yana shanye aidin, saboda haka idan ɗigon farko ya ɓace ba alamar komai, ki ƙara kaɗan har sai kin ga launin ɗorawa ya tsaya, sannan ki yanke hukunci. Don ki tabbatar aidin ɗinki yana aiki, ki ɗiga shi a kan ɗan tuwo ko burodi, za ki ga shuɗin nan take. Gishirin miya mai aidin ba zai yi wannan aikin ba. Abin da kika gwada kuwa a zubar da shi, kada yaro ya sha.

Sai dai ina roƙonki ki yi hattara kafin ki zargi mai nono. Fura gero ce, gero kuwa sitaci ne. Ludayin da ya dama fura idan ya koma cikin ƙwaryar nono zai iya barin abin da aidin zai nuna, alhali matar ba ta yi ha'inci ba. Ki karɓi nono zalla, ki maimaita gwajin wata rana. Haka kuma wasu yogot na kamfani da sitaci ake haɗa su, kuma a rubuce yake a jikin robar. Ta ɗaya ɓangaren, rashin ganin shuɗi ba ya nufin ba a ƙara komai ba. Ana kaurara nono da garin ƙwalba na 'ya'yan kuka, wanda yawancin kaurinsa ba daga sitaci yake zuwa ba, don haka yana iya wucewa aidin bai kama shi ba. Shi harshe ya fi gane shi, da irin tsaminsa da ɗan gari-garin da yake bari a baki.

Tambaya: An ce a ɗiga madara a kan faranti a karkata shi, idan ta gudu da sauri to akwai ruwa. Gaskiya ne? Daga wani mai shayi a Maraɗi.

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya. Madara zalla tana gangarawa a hankali ta bar farin sawu, wadda ta sha ruwa kuma ta zarce ba sawu. Amma sai ruwan ya yi yawa ƙwarai ido yake ganin bambancin, kuma ɗan gari kaɗan ya isa ya dawo da kaurin. Idan nono ne ma ba za a yi masa wannan hukunci ba, domin tsala, wato wanda aka kaɗa aka cire man, da ma tsinkakke ne, kuma ruwan da ke tasowa saman kindirmo idan ya kwana nasa ne na asali. Ni ba zan yanke ciniki da mutum a kan wannan gwaji kaɗai ba.

Tambaya: Ina sarin madara daga rugage ina yin yogot. Na sayi ma'aunin laktomita, amma wani lokaci yana nuna lafiya lau, yogot ɗin kuma ya fito ruwa-ruwa. Daga wata mai sana'a a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ma'auni nauyin madara kawai yake aunawa, bai san abin da ke cikinta ba. Ruwa yana kan 1.000, madarar saniya kuma galibi tsakanin 1.028 da 1.032, wato 28 zuwa 32 a jikin ma'aunin. A ce madararki tana kan 30. Idan aka zuba lita 1 ta ruwa a lita 9 ta madara, za ta sauko 27. Idan lita 2 ce a cikin lita 8, za ta sauko 24. Har nan aikinsa yana kyau.

Matsalar tana wurin mai. Man shanu ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka idan aka yaɗe man da ke saman madara, awon sai ya hau, wataƙila ya kai 33 ko 34. Mai ha'inci sai ya ƙara ruwa har ya dawo 30. An cuce ki sau biyu ke nan, ma'auni kuma yana cewa lafiya. Gari, sukari da gishiri su ma suna ɗaga awon. Shi ya sa nake ba ki shawarar ki haɗa abu uku a kan madara ɗaya: ki auna ta, ki yi mata gwajin aidin, ki kuma ajiye kaɗan a siririn gilashi cikin sanyi ta kwana, ki ga kaurin man da ya taso idan aka kwatanta da madarar da aka tatsa a gabanki.

Zafi kuma yana iya sa ki zargi wanda bai yi laifi ba, domin madara mai ɗumi tana nuna ƙasa da gaskiyarta. Ki duba jikin ma'aunin ki ga zafin da aka saita shi a kai. Idan digiri 20 ne, ki ƙara 0.2 kan kowane digiri ɗaya da madarar ta haura. Madarar da ta nuna 27 a digiri 30, ainihinta 29 ne, ba ta da aibi. Ki juya ta a hankali kafin awo, ki bar kumfa ya kwanta. Idan ta riga ta yi tsami ta fara daskarewa, ma'aunin ba shi da amfani a kanta.

Tambaya: Idan madara ta tsallake gwajin nan duka, zan iya ba yarona ɗan wata takwas? Daga wata uwa a Kumasi.

Amsa: A'a, maman yaro, kuma wannan ce tambayar da ta fi damuna. Babu ɗaya cikin gwaje-gwajen nan da ke ganin ƙwayar cuta. Sitacin rogo ko fulawa ba guba ba ne, illarsu rage amfanin abincin ne da ɗaga sukarin mai ciwon suga da bai san da su ba. Ruwan da aka zuba shi ne abin tsoro, domin idan na rafi ne ko na rijiya buɗaɗɗiya yana iya zuwa da taifot, kwalara ko gudawa. Madarar da ba a taɓa ta da komai ba ma tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu ko cutar bakkale, mai sa shanu ɓari, daga saniyar kanta. Tafasawa ce ke kashe su, don haka duk madarar da ta shigo gida a dafa ta har ta taso kafin a sha ko a kwantar da ita nono. Tsamin nono ba ya maye gurbin wuta.

Ɗanki kuwa ki ci gaba da ba shi mama tare da kunu da sauran abinci mai laushi. Madarar shanu ba ta zama abin shansa na yau da kullum sai ya cika shekara ɗaya, saboda ba ta da isasshen sinadarin da ke ƙara jini. Idan ya riga ya sha kuma ya fara gudawa, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, ki ci gaba da shayarwa. In kin ga jini a bayan gida, ko idanunsa sun faɗa, ko ya ƙi kama mama, ki kai shi asibiti a ranar.