Sati uku shiru, kuma an ce sirrin gwamnati ne

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. An ce an ba da kwangilar gyaran asibitin garinmu, amma fenti kawai muka gani. Na rubuta wa ma'aikatar ina neman takardun aikin, yau sati uku shiru. Da na koma wani jami'i ya ce sirrin gwamnati ne, ba a ba kowa. Haƙuri zan yi ko akwai wata hanya?"

Wa alaikumussalam ƙanena. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Kafin komai, je ka duba kwafin takardar da ke hannunka yanzu-yanzu, akwai hatimin ofishin da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa? In babu, to a wurinsu ba ka rubuta komai ba. In akwai, ka ɗauko kalanda, don lokaci yana ci maka ba ka sani ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa. In suka yi shiru har kwanakin suka wuce, doka ta ɗauki shirun a matsayin sun hana ka, kuma daga nan kwana 30 kake da su ka kai ƙara kotu. Kai da ka yi sati uku, ka riga ka cinye kusan rabinsu.

A kan wannan lissafin na sha kashi a 2023. Namu rijiyar burtsatse ce mai sola. Aka zo aka kafa allo, aka ɗora tanki, aka ɗauki hoto, ruwa ko ɗigo bai taɓa fitowa ba, mata da yara suna nan suna tafiyar rafi a yanayin da kowa a nan ya sani. Ƙungiyar garinmu ta wakilta ni, na rubuta takarda shafi biyu cike da ɓacin rai, na hau mota zuwa Gusau na miƙa wa wani a ma'aikatar. Ya karɓa da hannu biyu, "Malam an gama, ka dawo jibi." Ban nemi hatimi ba, mutum ya yi maka fara'a haka sai ka ji kunyar cewa ya sa hannu.

Sau shida na koma. Oga ya yi tafiya. Oga yana mitin. Mai riƙe da makullin kabad ɗin ya tafi gaisuwar rasuwa. A zuwa na shida ne aka shigar da ni wurin wani darakta, kuma har gobe in na tuna ranar sai raina ya sosu. Tun ƙarfe tara nake kan benci a baranda har aka kira azahar. Da na shiga yana cin gyaɗa yana latsa waya, bai ce in zauna ba. Na girme shi nesa ba kusa ba. Ya ce wace takarda? Na faɗa. Ya kira masinja, masinja ya ce shi bai ga wata takarda ba. Sai ya ɗago ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Baba, kai ɗan jarida ne ko odita? Waye ya turo ka?" Mutum biyu da ke zaune suka yi dariya. Na ce ruwan garinmu ne. Ya ce in ruwa nake so in je wurin kansila, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, ɓawon yana zuba a kan wani fayil. Na fito na tsaya gindin wata darbejiya, kuɗin motar da jama'a suka tara mini sun ƙare, ban san da wace fuska zan koma gida ba. Har wasu a garin suka fara raɗe-raɗin an ba ni wani abu na yi shiru. Wannan ya fi dariyar ciwo. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Daga baya wani lauya ɗan ƙanwar matata ya zaunar da ni ya buɗe mini dokar, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011. Ashe tambayar daraktan ma ba ta da gindi. Sashe na 1 ya ce ba sai ka nuna dalilin da ya sa kake son bayanin ba. Ba sai kana ɗan jarida ba. Wanda ma bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema masa, ko ya faɗa da baki jami'in ya rubuta ya ba shi kwafi.

To maganar sirri. Mutumin da ya gaya maka, da baki ya faɗa, ko? Ba zai taɓa rubutawa ba. Sashe na 7 ya ce in za a hana ka, a rubuce za a hana ka, a ambaci sashen da aka dogara da shi, a sa suna da muƙami da sa hannun wanda ya hana. Ka ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini hakan." Ka ga yadda fuska za ta canja. Sashe na 28 ma ya fito fili cewa don an buga wa takarda tambarin sirri ba shi ke hana a bayar ba, sai an nuna tana cikin abubuwan da dokar ta keɓe. Akwai su kam, kada wani ya ruɗe ka cewa komai ana bayarwa: harkar tsaron ƙasa, binciken 'yan sanda da ake cikin yi, bayanan mutum na kansa kamar fayil ɗin majinyaci, sirrin kasuwancin kamfani. A jihar nan kuwa kalmar tsaro ta zama bargo, komai ana lulluɓewa da ita. Amma me ya haɗa kuɗin kwanon rufin asibiti da tsaro? In ma akwai layi biyu da suka cancanci ɓoyewa, doka ta ce a cire su a ba ka saura. Kuma in aka je kotu su ne za su tabbatar da hujjar hanawa, ba kai ba.

Akwai wata da suka daɗe suna fakewa da ita, wai dokar ta tarayya ce, ba ta hau kan jiha ba. A 2023 da na je, maganar tana da ɗan ƙarfi, don kotunan ɗaukaka ƙara sun saɓa wa juna a kai. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa dokar ta shafi jihohi ma. Wanda ya sake gaya maka wannan, labarinsa ya tsufa.

Jin wannan hukuncin ne ya sa na sake ɗaura ɗamara. Wannan karon takardar rabin shafi ce. Lauyan ya soke duk inda na yi zagi ko na ce an ci kuɗi, ya ce ba ƙorafi muke kaiwa ba, takardu muke nema. Ka lura da wannan, don nan yawancinmu muke faɗuwa. In ka rubuta "ina son sanin yadda aka yi da kuɗin asibitinmu", ka ba su ƙofa, za su ce ba su gane ba ko su ba ka labari. Ka ambaci takarda da sunanta. Mu abu huɗu muka nema: takardar ba da kwangilar mai ɗauke da sunan kamfani da adadin kuɗi, takardar da ta jera kayan aikin da farashin kowanne, baucocin kuɗin da aka biya, da takardar shaidar kammala aiki in akwai. Muka sa sunan garin da shekarar aikin da abin da ke rubuce a allon. Muka rubuta a sama cewa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 muke nema, zuwa ga babban sakatare, da lambar waya da adireshi.

Na yi kwafi uku. Ranar Litinin 4 ga Agusta na kai ofishin karɓar wasiƙu, ban nemi ganin kowane oga ba. Yarinyar da ke wurin ta ce in ajiye. Na ce 'yata, sai kin buga mini a nawa. Ta ce hatimin yana wurin wani. Na ce zan jira, na zauna. Bayan kusan awa guda hatimi ya fito daga aljihun teburinta. In sun ƙi fur, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit da shaidar an karɓa. A bayan kwafin nawa lauyan ya rubuta ranaku biyu: 11 ga Agusta wa'adinsu ya cika, 10 ga Satumba namu na zuwa kotu ya cika. Suna da damar ƙara kwana 7 in takardun suna da yawa, amma sai sun sanar da kai a rubuce. Haka in suka ce ba wurinsu fayil ɗin yake ba, su ne za su tura wa ma'aikatar da ke da shi su sanar da kai, ba su ce ka je ka nema ba.

Shiru suka yi, kamar yadda muka zata. Ranar 12 lauyan ya aika takardar tuni mai layi biyar, ya ce in ba a amsa ba za mu Babbar Kotu. Kafin sati ya zagayo aka kira ni. Biyu suka ba ni cikin huɗu, takardar kwangila da jerin kayan. Baucoci aka ce ana nema. Wani ya so in ba da "kuɗin bincike", na ce kuɗin fotokwafi kawai doka ta sani, kuma a ba ni rasit. Shafi tara ne, na biya na fito.

Jerin kayan nan shi ya yi mana aiki. An rubuta faifan sola takwas, muka ƙirga huɗu a kan ƙarfe. An rubuta famfon cikin rijiya, da aka buɗe babu komai sai bututu. Da wannan muka je wurin hakimi da ɗan majalisarmu, yanzu ba zargi muke ba, takardarsu ce a hannunmu. Kai ma wannan jerin za ka fi matsa wa, don a nan za ka ga ko an rubuta kwano da silin da gadaje, ko fentin ne kawai aka biya tun asali. Yana yiwuwa fa, ka shirya wa hakan kafin ka kira sunan wani ɓarawo a bainar jama'a.

Shawarata, in takardarka ba hatimi ko ta cika surutu irin tawa ta farko, kada ka tsaya jan ta, sake sabuwa gobe lissafi ya fara daga farko. In tana da hatimi, nemi lauya cikin satin nan. Kotu tana iya ƙara maka lokaci in kwana 30 sun wuce, amma roƙo ne, kuma ƙarin kuɗi ne. Kada kuma ka tafi kai kaɗai kamar yadda na yi. Ku sa hannu ku uku ko huɗu, da sunan ƙungiya, ku sanar da mai gari, don ɗan kwangilar nan wataƙila ɗan wani ne da kuke haɗuwa a masallaci, kuma masu cewa an saye ka ba sa rasa baki. Tarar naira dubu 500 da dokar ta tanada wa mai hanawa ba bisa ƙa'ida ba, kada ka sa rai da ita sosai, sai an kai ga hukunci.

Baucocin namu har yau ana nema. Daraktan an canja masa wurin aiki, na gan shi kwanaki a wani ɗaurin aure, ya miƙo hannu bai gane ni ba. Ka turo mini hoton takardar taka ta akwatin saƙo in duba, ka rufe lambar wayarka.