Kar ka ƙara firosesa tukuna, duba si da so

"Salam 'yan gida. Sabar da nake kula da ita ta yi nauyi tun jiya, `load average` na nuna 9, firosesan kuma mai kai huɗu ne. Oga ya ce mu biya a ƙara mana firosesa. In biya ko?"

Wa alaikumus salam. A'a ƙanena, tsaya, kar ka biya ko sisi tukuna. Wannan taran da ka gani bai ce firosesa ba fa, kuma wallahi na gaji da maimaita maganar nan a gurup ɗin nan.

Ka ga lambobi ukun nan na `load average` da umarnin `uptime` ke nunawa, matsakaici ne na minti 1, minti 5 da minti 15, kai kuma ɗaya ka turo mana, ban ma san wanne ba ne. In na farko ya fi na ƙarshe girma abin yanzu yake hawa, in na ƙarshe ya fi to ya fara sauka. Amma abin da mutane ba sa ganewa shi ne me ake ƙirgawa a ciki. Ɗauke shi kamar gidan mai mai famfo huɗu. Mota huɗu suna shan mai, biyar suna layi, tara ke nan, to wannan eh, famfo ne ya yi kaɗan. Amma a Linux ana haɗawa har da waɗanda suka tsaya cak suna jiran diski, waɗanda `top` ke sa wa harafin `D`. Kamar wanda ya gama shan mai yana tsaye yana jiran netwok ya dawo ya biya da kati. Famfo na nan ba kowa a kai amma fili cike da motoci. In ka ƙara famfo goma me ka yi? Ba komai.

To buɗe `top` ka bar jerin ƙasan nan, kalli layin sama da aka rubuta `%Cpu(s)`. In `us` da `sy`, wato lokacin da firosesa ke aiki, a haɗe sun kai kashi casa'in da wani abu, `id`, lokacin da yake zaune ba aiki, ya kusa sifili, shi ke nan firosesa ne, oga ya yi gaskiya, sai ka duba wane aiki ne a saman jeri. In kuwa ka ga `id` na da yawa ko `wa`, lokacin jiran diski, ya kumbura, firosesan zaune yake yana hamma, jira yake. Af, ka danna `1` ma a cikin `top` ɗin, zai raba maka kowane kai da layinsa, don wani lokaci kai ɗaya ne ya cika taf sauran ukun na barci, a jimla sai ka ga kashi ashirin da biyar ka ɗauka lafiya lau. Kuma in hayar sabar kuke yi ka leƙa `st`, in yana tashi to maƙwabtanku a kan injin ne ke cinye muku lokaci, wannan da masu ba da hayar za ka yi magana.

Amma ni wanda na fi yarda da shi wannan ne:

```
vmstat 1 10
```

Layin farko ka watsar da shi, matsakaici ne tun daga ranar da aka kunna injin, daga na biyu za ka fara karatu. `r` su ne masu aiki da masu layin firosesa, in kullum ya fi huɗu a injinka to akwai cunkoso a nan. `b` su ne masu jiran diski.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake zafi a kan wannan. Akwai wata makaranta da na taɓa yi wa aiki, ba sai na faɗi suna ba, shafin duba sakamako, ranar da aka saki sakamako komai ya tsaya. Injin mai kai huɗu kamar naka, ram giga huɗu, lodin ya haura takwas. Kafin su kira ni har sun biya an ninka musu firosesa zuwa takwas, kuma ko gezau. Da na shiga ga irin abin da na tarar, na cire wasu ginshiƙan don ya shiga waya:

```
 r  b    swpd   free    si    so  us sy id wa
 1  7 1843200  81200  2100  1800   8  5 41 46
 0  8 1851400  79900  2400  2050   7  6 39 48
```

Ka gani ai, `r` ɗaya ko sifili, ba mai jiran firosesa. `b` bakwai, takwas, ga inda lodin ya fito. `wa` ya kusa hamsin. Nan take yaron da ke kula musu da shi ya ce to diski ne oga, a sayi mai sauri. Na ce masa kai ma ka faɗa rami na biyu. Dubi `si` da `so`, wato abin da ake ɗebowa daga `swap` da abin da ake jibgewa a cikinsa, wajen dubu biyu kowace daƙiƙa, kusan mega biyu ke shiga mega biyu ke fita ba tsayawa. Ram ne ya ƙare, injin yana kwasar kaya daga memori yana jibgewa a `swap`, ya juyo ya sake ɗebo su, `swap` kuwa a kan diski yake. Shi ya sa ciwon memori ke fitowa da kamar ciwon diski.

Na koma `top` na danna babban `M` ya jera su da cin memori, sai ga `php-fpm` masu gudanar da shafin reras kamar tururuwa, kowanne `RES` ɗinsa, wato ram ɗin da yake ci, wajen mega sittin. Na buɗe saitin, `pm.max_children`, wato iyakar yawansu a lokaci ɗaya, an sa 80. Yi lissafi, sittin sau tamanin, giga huɗu da mega ɗari takwas, a injin giga huɗu, ga MySQL ma yana riƙe da wajen giga ɗaya nasa. Na mayar da shi 35, wajen giga biyu ke nan, na sake tayar da shi, cikin 'yan mintuna `si` da `so` suka koma sifili, shafi ya buɗe. Layi ɗaya fa. Kuma ka san har yau ba su rage firosesan nan ba, suna ta biya duk wata, ni kuma cikon kuɗina sai da na yi wata biyu ina bin... to bar wannan dai.

Yawwa, in gyara wani abu, kar ka ga `swpd`, wato jimlar abin da ke ajiye a `swap`, da lamba babba ka ce an kama ɓarawo. Yana iya zama tsohon kaya ne da aka ajiye tun makon jiya ba a taɓa ba, ba ya cutar da kowa. Motsin `si` da `so` shi ne magana. Haka `free` ɗin nan in ya yi ƙasa ba abin tsoro ba ne, Linux na cika ragowar memori da abin da ya karanto daga diski, in an buƙata ya saki. Ka buga `free -h` ka kalli `available` kawai.

To in `wa` da `b` sun tashi amma `si` da `so` sifili ne, sannan ne za ka ce diski ne da gaske, za ka ga `bi` ko `bo`, karatu da rubutun diski, suna gudu. Ka nemo mai laifin da wannan:

```
ps -eo state,pid,cmd | grep '^D'
```

Sau da yawa `mysqldump` ne ko wani `tar` da aka sa a `cron` aka manta, ko tambayar MySQL da ke karance tebur gaba ɗaya. Tunda ka ce tun jiya ne, tambayi kanka me aka taɓa jiya.

Ka turo hoton `vmstat` ɗin a lokacin da nauyin ke faruwa, ba da asuba ba lokacin da kowa ke barci, kuma don Allah ka juya wayar a kwance ginshiƙan su fito duka, na wancan makon da aka turo rabin `wa` ya yanke.