Me ya sa intigiral na tsawon lanƙwasa yake gagara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An koya mana dabarar auna tsawon layi mai lanƙwasa, kuma misalan littafi duka suna fita salin alin. Amma da na gwada y = x³ daga 0 zuwa 1, sai na kwana a kansa ban samu amsa ba. A ina na kuskure?

Amsa: Ba ka yi kuskure ba, ɗalibi, ka dai ci karo da katangar da masana suka tabbatar cewa ba a tsallake ta da kayan aikin da aka ba ka. Bari mu fara da inda dabarar ta samo asali. Idan aka yayyanka layin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa takan yi kusa da miƙaƙƙen layi, wanda ya tafi gaba da dx ya kuma hau sama da dy, don haka ƙa'idar Pythagoras ta ce tsawonsa √(dx² + dy²) ne. In aka fitar da dx waje aka tara gunduwoyin, sai a samu:

```
L = ∫ √(1 + (dy/dx)²) dx
```

Matsalar duka tana cikin alamar √ da kuma 1 ɗin nan da ke zaune kusa da murabba'in gangara, wato (dy/dx)². Da babu shi, da alamar ta cinye murabba'in an huta, amma kasancewarsa ya sa abin da ke ƙarƙashin alamar ba kasafai yake zama cikakken murabba'i ba.

Misalan littafi kuwa zaɓo su aka yi da gangan, kuma a ganina ya kamata malamai su riƙa faɗa wa ɗalibai haka. Ɗauki y = x³/6 + 1/(2x), wanda ba wanda zai haɗu da shi a hanya. Gangararsa x²/2 − 1/(2x²) ce, kuma idan ka ninka ta da kanta, tsakiyar lissafin yana ba da −1/2. Da ka ƙara 1 sai ya koma +1/2, abin ya zama murabba'in x²/2 + 1/(2x²), alamar √ ta ɓace. Wani mai sauƙin shi ne y = x^(3/2), wanda William Neile ya auna irinsa a 1657: daga 0 zuwa 4 ana samun √(1 + 9x/4), tsawon ya fito (8/27)(10√10 − 1), wato kusan 9.07. Ko y = x² da ake ganin ba komai ba ne, sai an sha wahala har logaridim ya shigo kafin a samu 1.479 daga 0 zuwa 1.

To, naka fa? Gangarar x³ ita ce 3x², don haka kana neman intigiral na √(1 + 9x⁴). Wanda ya ce zai sauya 1 + 9x⁴ da u zai buƙaci x³ a waje, kuma babu shi. Akwai alamar da za ka riƙe: idan ƙarfin x mafi girma a ƙarƙashin √ ya tsaya a 1 ko 2, akwai mafita, amma in ya kai 3 ko 4 ba tare da wani sashe ya maimaitu ba, yawanci an shiga dangin da ake kira intigiral na elips, domin a wajen auna kewayen siffar nan mai zubin ƙwai aka san su. Joseph Liouville ya nuna a shekarun 1830 cewa irin waɗannan ba sa rubutuwa da haɗin ƙarfin x da logaridim da sin da cos da danginsu, komai ƙwarewar mutum. Hatta y = sin x, mai kama da tudu da kwarin kwanon rufi, cikin dangin nan yake.

Wannan ba ya nufin layin ba shi da tsawo. Tsawon yana nan, lamba ce tsayayya, kuma ana kusantarta gwargwadon buƙata. Kafin komai ka san iyakarta: miƙaƙƙen layi daga (0,0) zuwa (1,1) tsawonsa 1.414 ne, in kuma aka tafi gaba ɗaya sannan aka hau ɗaya an yi 2, saboda haka duk amsar da ta fita daga tsakanin nan kuskure ce.

Sai ka ɗauki ƙa'idar Simpson, wata dabarar kusantar ƙimar intigiral, ka raba tazarar 0 zuwa 1 gida huɗu, faɗin kowanne 0.25. Ƙimar √(1 + 9x⁴) a 0, 0.25, 0.5, 0.75 da 1 ita ce 1, 1.0174, 1.25, 1.9615 da 3.1623. Ka ninka su bi da bi da 1, 4, 2, 4, 1, jimilla ta zama kusan 18.578, sannan ka ninka da 0.25/3, ka samu 1.5482. Da gida biyu kawai ka yi da 1.527 za ka samu, kuma wannan tazarar ce ke gaya maka cewa biyu sun yi kaɗan. Ka ci gaba da ninka yawan gidajen har lambobin da kake buƙata su daina motsi. A nan za su tsaya a 1.5479.