Giram 48 na furotin a kofi ɗaya na lentil? Ka cire wannan sitikar tukuna

"Salam Malam. Ina dafa waken lentil, wanda wasu ke ce ma adas, ina zubawa a roba ina sayar wa masu motsa jiki. A jikin ledar kilo ɗaya an rubuta furotin giram 24 a kowane giram 100. Ƙanena ya yi min lissafi ya ce kofi ɗaya giram 200 ne, kenan furotin giram 48, har mun buga sitika da hakan. Yanzu wani kwastoma ya ce ƙarya ne. Ni kuma so nake in ƙara kuɗi in buɗe reshe na biyu kafin shekara ta ƙare. Waye mai gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwastomanka ne mai gaskiya, kuma ka gode Allah da ya faɗa maka a fuska maimakon ya je yana faɗa wa sauran. Maganar reshe na biyu ka ajiye ta gefe, don wallahi raina ɓaci yake in na ji mutum yana zancen reshe alhali bai taɓa ɗora tukunyarsa a kan sikeli ba. Laifin ba na ƙanenka ba ne shi kaɗai. Ya ga lamba a leda ya ninka biyu, kai kuma da kake tsaye a kan wuta kullum kana ganin yadda waken ke kumbura, ka karɓa ka kai wajen masu buga sitika ba tare da ka auna komai ba, ba ka kuma rubuta komai a littafi ba. Nan ne kuskuren yake.

Giram 24 ɗin nan na busasshen wake ne, kamar yadda yake a cikin ledar kafin ya taɓa ruwa. Da ka dafa, waken ya sha ruwa ya yi nauyi ninki biyu da rabi, wani lokaci har ya kusa ninki uku, kuma ruwa ba ya ƙara ko ɗigon furotin. Abin da ka zuba a tukunya shi ne dai a ciki, sai dai ya rarrabu a kofuna da yawa. Kofin da kake miƙa wa kwastoma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ruwa ne.

To bari mu yi lissafin da ledarka. Kilo ɗaya giram 1,000 ne, wato giram ɗari sau goma, kowane ɗari yana da 24, kenan furotin ɗin ledar gaba ɗaya giram 240 ne. Ka riƙe wannan lambar da kyau don ita ce ba ta canzawa ko ya ka dafa. Sai ka auna tukunyar tana wayam ka rubuta, ka dafa kamar yadda ka saba, in kana tsiyaye ruwa ka tsiyaye, sannan ka sake aunawa ka cire nauyin tukunyar. A ce ya ba ka giram 2,700 na dafaffe. Yanzu ka ɗauko ainihin kofin da kake awo da shi, ka cika shi yadda kake cika wa kwastoma, ka share bakinsa da cokali, ka auna ka cire nauyin kofin. A ce giram 200. Raba 2,700 da 200, kofi goma sha uku da rabi. Raba 240 da sha uku da rabi, ka samu wajen giram 18. Wannan shi ne furotin ɗin kofinka, kuma ya yi daidai da abin da aka sani, dafaffen lentil yana da kusan giram 9 a kowane ɗari.

Ka dubi lissafin ƙanenka ta baya ma ka ga. In da gaske kowane kofi 48 ne, kofi sha uku da rabi zai ba da giram 648, daga ledar da duk abin da ke cikinta 240 ne. Ragowar daga ina ya fito, daga famfo? Kafin mutum ya samu giram 48 ɗin da ka rubuta masa sai ya cinye kusan kofi uku, sama da rabin kilo na dafaffen wake a zama ɗaya.

Amma kar ka kwafi 18 ɗina ka kai wa mai sitika, in ka yi haka ka maimaita kuskuren ne, ka dai sauya ƙane da ni. Hannun kowa daban ne a girki. Ranar da ka tsame shi da ɗan ƙarfinsa tukunyar ta tsaya a 2,400, kofi sha biyu ne, kowanne giram 20. Ranar da yaronka ya cika ruwa ta kai 3,200, kofi sha shida ne, kowanne ya sauko 15. Jan lentil ɗin nan da aka ɓare shi ya fi ba da matsala don narkewa yake ya zama kamar fate, babu ruwan da za ka tsiyaye, duk abin da ka zuba yana cikin kofin. In kana haɗawa da albasa da karas da tumatir, su ma suna cin wuri a kofin, furotin ɗinsu kuma kaɗan ne, saboda haka tukunyar da aka gama haɗawa za ka auna. Kofi ma ba ɗaya ba ne, akwai mai mil 240 akwai mai 250, balle wanda aka tsinta a kicin.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah mai irin sana'arka, ita yayanta ne ya yi mata lissafin. Wata shida tana sayarwa da lambar busasshe a jikin roba, har wani mai horar da 'yan motsa jiki da ke turo mata mutane ya sa sikeli ya auna robar a gabanta. Ina tuna yadda ta zo min da sitikun a jaka, bandir guda ko buɗewa ba a yi ba, tana tambayata ko za a iya gyara lambar da biro. Abincinta lafiya lau yake, da daɗinsa, amma mutumin nan ya daina turo kowa, kuma su irin waɗannan kwastomomin a waje ɗaya suke haɗuwa, magana ba ta kwana. Da muka auna tukunyarta sai ga wani abin, ba ta ma san kofi nawa take samu a kilo ba, kenan farashinta ma na kintace ne kawai. Lambar nan ta yawan kofuna ita ce za ka raba kuɗin leda da gas da roba da ita ka san nawa kofi ɗaya ke tsaya maka, ban ga yadda za ka ƙara kuɗi ba ka san ta ba.

In ka sauya kamfanin da kake sayen ledar, ka sake duba bayanta, wasu suna rubuta lambar dafaffe ne, wasu kuma na giram 50 maimakon 100. Gane su ba wuya, in ka ga furotin ashirin da wani abu da kalori wajen 350 a giram ɗari, na busasshe ne, in ka ga 9 da kalori ɗari da 'yan kai, na dafaffe ne.

Satin nan ka dafa sau uku, ruwa iri ɗaya, lokaci iri ɗaya, ka rubuta nauyin busasshe da na dafaffe da yawan kofuna kowane karo. In furotin ɗin kofi ya ba ka giram 17 da 18 da 19, ka buga 17, mafi ƙanƙanta. Sitikun da suka rage ka daina liƙa su daga yau, shi kuma kwastoman nan ka kira shi da kanka ka nuna masa littafin.